Yatsun Baba Albert

Kowa a Kakuri ya san hannun daman Baba Albert, yatsu uku a karkace kamar saiwar rogo. Kafin su karkace, da wannan hannun ne yake buga tafireta a gindin mangwaro, daura da ƙofar masaƙa, yana rubuta wa masu neman aiki bayanin kansu da Turanci. Tafiretar da yatsun su ne abincinsa, ba shi da gona, ba shi da fansho.

Mutum ne mai zafin rai, kuma yana da doka. Kafin ya taɓa maɓalli sai ka faɗi labarinka da bakinka, da Turancinka komai gurguntarsa, shi kuma ya miƙe masa ƙafa. Aikin da ka bari, ya ce a sa shi a abin da ya wuce, "I worked", tare da shekarar. Wanda ka fara tun da kuma kana kai har yau, "I have worked". Ba ya yarda da Turancin kasuwa, ba ya yarda da na alƙalai. In ka ce a sa "I humbly beg", sai ya maka rula a tebur har takardu su tashi, ya ce kai mai neman aiki ne ko mai neman gafara? Ladabi daban, rarrafe daban. Kalmar da ba za ka iya faɗa a gaban mai intabiyu ba kuwa, ko za ka mutu ba zai buga ta ba.

A 1985 masaƙa ta kori ma'aikata. Ranar an yi kare jini biri jini a ƙofar, 'yan sanda da kulki da barkonon tsohuwa, ma'aikata da duwatsu. Cikin waɗanda aka fasa wa kai har da Sunday, ɗan yayarsa Esther, ƙato mai gyaran injin saƙa.

Da raunin ya warke, wani kamfani ya nemi masu kula da injina, ya ce kowa ya kawo bayanin kansa. Albert ya zaunar da Sunday, ya buga masa rabin shafi tsaf: abin da ya gyara, abin da ya iya, dalilin da yake son aikin. Sunday ya duba ya yatsine fuska. Wai na abokansa shafi biyu ne, cike da kalmomi masu cika baki, shi kuma an ba shi Turancin 'yan firamare. Albert ya kore shi. Washegari sai ga Esther da kanta, da kukanta, tana cewa ita ta goyi Albert a ƙauye, yau ga shi yana yi wa ɗanta rowar Turanci. Wannan maganar ta soke shi, ta yi masa ciwo ƙwarai. Ranar ya karya dokarsa, ya zuba wa Sunday Turanci mai tsawon jela, jimla ɗaya sai ta cinye layi huɗu.

Aka kuwa kira Sunday intabiyu. Mai tambaya ya ɗora yatsa a kan wata jimla ya ce ya bayyana abin da yake nufi. Sunday ya kasa bayyanawa. Aka ce to ya karanta kawai, harshensa ya harɗe a kalma ta uku. Suka yi dariya, suka tambaye shi wa ya rubuta masa, suka nuna masa ƙofa a gaban sauran masu jira.

Da rana tsaka ya iso gindin mangwaro, ido jajur, da sifana a hannu.

"Kawu, ka san ba zan iya karantawa ba, ka bar ni na tafi?"

Albert kuwa ya sani ɗin. Sunday ya ɗaga sifana zai sauke wa tafireta, tsohon ya kifa hannu a kanta. Ƙarfe ya sauka a kan ƙashi. Sunday ya sake saukewa, ya kuma, jini ya bi tsakanin maɓallai yana ɗiga a kan takardar wani bawan Allah. Masu shayi da leburori suka yi wa Sunday rubdugu, wani da benci, wani da itacen wuta, har haƙoransa biyu suka zube a ƙasa. Da Albert bai faɗa kansa da hannu a reto yana ihun ɗan yayarsa ne ba, da gawa za a ɗauka.

Ƙashin ya haɗe a karkace. Tafireta ta tsira, amma mai ita bai ƙara buga ta ba. Ya ci gaba da zama a gindin mangwaron da rularsa a hannun hagu, yana sa mutane su faɗa da bakinsu, su rubuta da hannunsu, shi yana gyarawa. Masu zuwa suka ragu, don mutane sun fi son bugu.

Bayan shekara Esther ta turo ƙanin Sunday, wai shi ma a taimaka masa, a sa masa Turanci mai ɗan nauyi. Albert ya ɗora karkataccen hannun a kan tebur, a gaban saurayin.

"Ga mai nauyin nan," ya ce. "Zauna ka faɗa mini da bakinka."