Na Koya Musu Gyaran Ƙarya

Yayana yana noman albasa a fadamar Badarawa. Shekarar da fetur ya gagare shi, ya ga tallar famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana a shafin wani dillali. Ya zo Kaura Namoda ya miƙo mini wayarsa.

"Kai da ka yi aikin rediyo, karanta mini abin da mutane sunka ce."

Na karanta. Sharhi ne rututu, duk yabo, kusan duk tsawonsu ɗaya. Kowanne ya buɗe da godiya ya rufe da shawarar a saya. Famfon "ba kawai mai inganci ba ne, har ma mai sauƙin amfani". Siffofi uku-uku suke jerowa: ƙarfi, aminci, rahusa. Babu wanda ya faɗi zurfin rijiyarsa ko abin da ya shuka. Wai manoman Zurmi ne, amma ba "awo", ba "munka", Hausar ta yi santsi kamar an goge ta da dutsen guga. Kuma duk cikin kwana biyu aka zuba su.

Na ce masa, "Yaya, ba mutane ba ne. Manhajar nan mai rubutu aka sa ta ƙirƙiro su."

Ya yarda, ya fasa. Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma sai na rubuta gargaɗi a ƙarƙashin tallar, na jera alamomin ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mana tsara rahoto.

Bayan mako biyu tsofaffin sharhin suka ɓace, sababbi suka fito. Gajeru, da harshenmu: "Wanga famfo shina da kyau, munka gwada shi Shinkahi." Akwai sunan gari, akwai albasa da tattasai, har da ƙorafi. Sai dai kowanne ƙorafi ɗaya tak yake da shi, ƙarami, a tsakiya, sannan "amma" ta biyo ta wanke shi. Mutane ba sa yin fushi bisa ma'auni ɗaya. Jerin nawa aka ɗauka aka ba manhajar.

Na kira yayana na yi masa bayani. Ya yi dariya.

"Ƙanena, da ka ce babu harshenmu. To ga shi. Yanzu kuma mi?"

"Yaya, duba ƙorafin."

"Na duba. Kuma a shafin an ce naka rubutun ne na manhaja. Babu ɗan Kaura da ka magana hakanan."

Gaskiya ne, wani ya rubuta haka a ƙarƙashin gargaɗina, mutane suka yi ta danna masa alamar so. Cikin shafin duka, nawa ne kaɗai ya rage da tsabtatacciyar Hausa.

Ya sayar da tsohon injinsa mai fetur ya sayi famfon. Famfon ya ja ruwa kwana tara, ya tsaya, albasa tana tsakiyar yin kai. Lambar dillalin ta daina shiga.

Na je na same shi a gonar, ganyen ya kwanta ya yi ruwan ƙasa. Yaya bai ɗaga kai ba.

"Ka rubuta musu abin da ya faru," ya ce. "Amma bari in faɗa da bakina, kai ka danna kawai. Kada ka gyara."

Na rubuta yadda ya faɗa na tura shafin, ban gyara ba. Kafin la'asar an goge shi.