Gefen Waldar Kawu Babba

Ina da kawu biyu, kuma duk masu walda ne, rumfunansu na kallon juna, titi ne kawai a tsakani. Kawu Babba ya fi hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Layin waldarsa kamar kitso. Shi ya koya wa ƙaninsa riƙe sandar walda, amma da shekaru suka tura sai masu tarakta suka koma wajen Kawu Ƙarami. Abin ya tsaya wa Babba a rai. Ko mota ce ta tsaya a tsallake sai ya ɗaga gilashinsa ya bi ta da harara.

"Ku dubi ƙanin nawa!" in ji shi. "Ƙarfe ɗaya sai ya yi ta gasa shi kamar zai ci."

Gashin nan kuwa shi ne aikin. Ƙarfe mai yawan kabon, wato irin mai ƙarfin nan, ba a narkakken wurin yake ba da matsala ba. Gefensa ne, wanda ya sha wuta bai narke ba. In ya huce da sauri sai ya yi tauri har magagari ya riƙa zamewa a kansa, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Shi ya sa Ƙarami ke ɗumama ƙarfen tukuna, in ya gama ya binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. Babba ya san duk wannan sarai.

Mai tarakta ɗaya ya rage masa, mijin 'yarsa. Ranar da ƙarfen jan tirelarsa ya karye, sai Babba ya hango shi ya nufi tsallake da shi a kafaɗa. Ya ƙwala masa kira.

"Ni na mutu ne?"

"A'a Baba, gani na yi kana da aiki."

"Kawo nan. Kafin wancan ya kunna wuta na gama."

Ya kuwa gama. Bai ɗumama ba, kuma don ƙaninsa ya ga surukin ya tafi da wuri, ya sheƙa wa ƙarfen ruwa. Na ji ƙarar ruwan, na ga Ƙarami ya sunkuyar da kai.

A gangara ƙarfen ya ɓalle, tirela cike da buhuna ta kife a rami. Allah ya tsare, babu kowa a kai. Da aka kawo guntayen, waldar na nan lafiya lau, dab da ita ne ya karye fes kamar tangaran.

"Kun gani? Waldata ba ta karye ba!" Haka yake ta nuna wa mutane, ni kuwa tausayinsa ya kama ni.

'Yarsa ce ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tattara guntayen.

"Baba, ka yi haƙuri. Da taraktar nan muke ci."

Ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi.