Juma'ar Yaya Zainabu

Duk ma'aikacin da ya taɓa neman hutu a ofishin nan na Talata Mafara ya san Malam Mainasara, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa yin faɗa da shi ba. Ɗan Bakura ne, uban 'ya'ya shida, mai 'yar gonar albasa a ƙasan madatsar ruwan Bakolori. Aikinsa tun yana saurayi guda ne: a ba shi ranar da mutum zai fara hutu da yawan kwanakin da aka amince masa, shi kuma ya fitar da ranar dawowa. Asabar da Lahadi ba ya ƙirga su. Ranakun hutun gwamnati kuwa yana da jerinsu a jikin bango, na tarayya da na jiha, wasu da biro, na Sallah da fensir, don sai an ga wata ake sanin gaskiyarsu.

Kai, mutane! Wani ya ƙirga har da Lahadi ya dawo da wuri yana zaginsa. Wani kuma hutun gwamnati ya faɗo masa ran Asabar, ba a ɗaga shi zuwa Litinin ba, amma ya cire Asabar ya sake cire hutun, rana guda sau biyu. Wani ya ce ai Talata ranar kasuwa ce, kowa ya san ba a zama ofis. Mainasara ya yi bayani har maƙogwaro ya bushe, gobe wani ya zo da irin ta jiya.

Wadda ta fi ba shi wahala yayarsa ce, Zainabu, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke sashen noma. Cikin azumi ta ɗauki kwana goma na aiki daga Litinin, ashirin da biyar ga Maris, don ɗiyarta Rumaisa na da tsohon ciki a Maradun. Ya ƙirga mata. Makon farko kwana huɗu, saboda Juma'ar Ista. Mako na biyu ma huɗu, saboda Litinin ɗin Ista. Takwas ke nan. Litinin ta gaba tara. Talata da Laraba hutun Sallah. Alhamis goma. Dawowa Juma'a, sha biyu ga Afrilu.

Sai jaririn ya tashi zuwa ran Juma'a, biyar ga wata. Suna ya faɗa daidai ranar dawowarta. Jikanta na fari ne, ga shi sabon shugaban sashe ya riga ya ba ta takardar gargaɗi sau biyu kan fashi, ta uku ba za ta yi kyau ba.

Ta bugo waya. "Mainasara, matsa mini rana guda."

"Yaya, ba ni da inda zan samo ta."

"Biron ba hannunka yake ba? Ni na goya ka, wallahi har fitsari ka yi mini a baya!"

"Na sani, Yaya. Amma goma goma ce."

"To riƙe gomarka." Ta kashe.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sake ƙirgawa sau uku ko Allah zai sa ya yi kuskure, bai yi ba. Matarsa ma ta daina yi masa magana sai da ido. Ya ce da ita, in ya ƙara wa yayarsa, gobe da wane baki zai hana ma'aikatan Jangebe da na ko'ina? Ta ce miyarsa na nan a rufe.

Ran Litinin ba a ga wata ba. Azumi ya cika talatin, Sallah ta koma Laraba, gwamnati ta ƙara Alhamis a hutu. Mainasara na jin sanarwar a rediyo ya miƙe tsaye. Alhamis ta fita daga lissafi, kwana na goma ya koma Juma'a, ga Asabar da Lahadi a bayanta. Dawowa Litinin, sha biyar ga wata!

Ana saukowa daga Idi ya hau babur sai Maradun, da sabuwar shaddarsa. Ya tarar da ita tana hura wutar ruwan wankan jego. Aka gaisa sama-sama, ya zayyana mata lissafin yana murna.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe ranar tana hannunka tun farko. Sai da ka ga na yi kuka?"

"Haba Yaya! Wata ne ba a gani ba!"

"Kullum da abin da za ka ɗora wa."

Ta shiga ɗaki ta fito da jaririn ta ɗora masa a cinya, ta ce uban yaron ya ce kawu Mainasara ake so ya zauna kusa da liman, don haka ran suna ya zo da sassafe.

Ya daɗe yana kallon fuskar yaron.

"Yaya," ya ce a hankali, "ke ce ke hutu. Ni Juma'a ranar aiki ce."