Murhun da Aka Gina wa Gaji

Duk wanda ya ci kasuwar Bande a shekarun bayan babban fari ya san tuwon Daso. Ita ce gajeriyar matar nan mai jajayen idanu da ke zama gindin tsamiya da ƙwarya uku, tana zuba miya tana kau da kai ta yi tari. Tun tana 'yar shekara tara uwarta ta miƙa mata muciya, kuma ita ta koya wa ƙanwarta Gaji yadda ake jera duwatsu uku a hura wuta. Aure ya kai su unguwa ɗaya, katangar zana ce kawai tsakaninsu.

Ɗakin girkin Daso na laka ne, ƙofa ɗaya, ba taga. Rufinsa ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto kamar gemun bunsuru. Da rani takan yi girki a tsakar gida, amma da damina sai ta shige ciki da jiƙaƙƙen iccen sabara da karan gero, ta yi ta hurawa hawaye na zuba. Tari ya zama abokin zamanta. Ba ta taɓa kiransa cuta ba, cewa take gado ne, don uwarta ma haka ta yi har ta koma ga Allah.

Gab da daminar 1979 wata ma'aikaciyar wayar da kan mata, Madam Saratu, ta zo daga Magariya. Ta tara mata ƙofar maigari ta ce an zo da sabon murhu na laka, mai rami biyu na ɗora tukunya da bututu mai fid da hayaƙi ta rufi. Amma ba a san ko zai yi amfani a nan ba, sai an gwada. Gida goma za a gina wa, gida goma su ci gaba da duwatsunsu, a riƙa auna iccen kowa ana tambayar lafiyarsa, daga baya a kwatanta. Don kada a ce an yi son kai, aka ja tsinke. Gaji ta jawo dogo. Daso ta jawo gajere.

Ranar da magini ya gama, unguwa ta cika gidan Gaji. Hayaƙi na tashi ta saman ɗaki siriri, mata na tafa hannu. Daso ta leƙa ta kan zana, ta ga ƙanwarta tsaye da sabon kallabi tana yi wa mutane bayani, yarinyar da har ta yi aure ba ta iya talge marar gudaji ba.

"Yaya, shigo mana ki gani," in ji Gaji.

"Ina da aiki," Daso ta ce, ta koma ta zauna ba ta taɓa komai ba.

Kowace Talata Madam Saratu kan zo da ma'auni mai ƙugiya da kayenta, wato littafin rubutu. Ta rataya damin icce ta rubuta, washegari ta dawo ta auna abin da ya rage, ta tambayi baki nawa aka ciyar, wa ya yi tari, wa idonsa ya yi ruwa. A gidan Daso ba ta wuce shan ruwa. A gidan Gaji kuwa har baƙi take kawowa, wata rana ma da Bature mai ɗaukar hoto. Daso tana jin dariyarsu, tuwonta na kamawa a gindin tukunya.

Sai ta ƙudura ita ma ɗakinta zai rabu da hayaƙi. Ta aro murhun gawayi na ƙarfe wurin mai shayi, ta cika shi. Wata ranar Talata da hantsi ruwa ya sauko da iska, ta ja ƙyaure ta rufe, ta zauna tana fifita, tana murna ba hayaƙi ko kaɗan. Can kanta ya fara sarawa, zuciyarta na tashi. Ta miƙe, ƙafafu suka ƙi. Madam Saratu ce, da ta fako ruwa, ta tura ƙyauren ta same ta kwance, ta jawo ta waje cikin yayyafi.

Da ta farfaɗo, Madam ta ce, "Inna Daso, gawayi yana fid da wata guba da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A rufaffen ɗaki kashe mutum take. Me ya kai ki?"

Daso ta kau da kai. Gaji ce ta zo a guje tana kuka, ta tallabe ta zuwa gidanta don ta yi jinya.

Kwana uku ta yi a can, kuma a nan ta ga abin da zana ta ɓoye mata. A rana ta uku ta tarar da sabon murhun sanyi ƙalau, kaza ma ta yi ƙwai a raminsa. Bayan rumbu Gaji ta jera duwatsu uku ƙarƙashin wata 'yar bukka, nan take girki cikin hayaƙi kamar kowa.

"Ke, wannan fa?"

"Yaya, rufa min asiri. Ramin ya yi wa tukunyarmu kaɗan. In na tuƙa tuwo da ƙarfi bakin sai ya tsage. Bututun kuma ya toshe da kunkunniya, hayaƙin ciki yake dawowa. Ranar Talata da Laraba kawai nake hura shi, in dafa ɗan abu kaɗan."

"To iccen da ake aunawa?"

"Ina ɗebo wani daga baya, wanda ba a auna ba."

Wani daɗi ya ratsa Daso, irin wanda mutum ke jin kunyarsa. Ta yi wa kanta alkawari za ta yi shiru. Alkawarin ya kai Talata. Madam Saratu na rataya daminta tana cewa gidan Gaji rabin wannan suke ƙonawa, sai Daso ta ce, "Madam, ki zo ranar Asabar ba sallama, ki sa hannu cikin murhun nan."

Madam ta zo, kuma ba gidan Gaji kaɗai ta shiga ba. Cikin murhu goma, uku ta samu da ɗumi. Ta zauna bakin rijiya ta soke awon wata biyu da hannunta, ta rubuta wa manyanta cewa ba icce aka rage ba, kara aka yi mata. Daga nan ta daina sa rana, kuma ta fara tambayar mata abin da ya hana su, maimakon abin da ya burge su.

Gaji ta ɗauke wa yayarta gaisuwa har aka yi girbi. Daso ta ce wa mijinta Tsoho gaskiya ta faɗa don amfanin jama'a. Tsoho ya dube ta, ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Shi ne dai ya fasa mata taga biyu a ɗakin girki ya kafa rumfa a waje, bisa shawarar Madam. Idanunta suka washe, tarin ya ragu, amma bai tafi ba, don shekara talatin na hayaƙi sun riga sun zauna a ƙirji.

Bayan girbi magini ya dawo a gyara murhun. Madam Saratu ta ce ba wadda ta san tuƙin tuwo kamar Daso, ita za a tambaya. Aka auna babbar tukunyarta, ta nuna kaurin da baki zai yi ya jure muciya, ta ce a bar ƙofa a gindin bututu ta yadda za a riƙa zura kara a share shi. Kwana biyu tana kai da kawowa kamar uwar biki. Sai da aka kwaɓa laka ta ji inda za a gina shi: gidan Gaji, tunda can ne rufi ke da huda. Gidaje masu gajeren tsinke sai an gama awo, baɗi.

Da yamma Gaji ta leƙo ta kan zana, karo na farko cikin wata huɗu.

"Yaya, ara min tukunyar taki, ita kaɗai ke zama daidai."

Daso ta daɗe tana kallonta. Sannan ta wanke tukunyar, ta miƙa mata.

"Ki dawo min da ita kafin ranar kasuwa," ta ce.