Na Ci a Gidan Mama

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Haɗeja ya san Fanna 'yar Guri, mai bandar tarwaɗa. Doguwa ce, ba ta da yawan fara'a, kuma idan ta yanke farashi ko ubanka ne sarkin kasuwa ba za ta rage ba. A bakin fadama ta tashi, hayaƙin banda ya sa idonta ya yi ja tun tana budurwa, aure kuma ya kawo ta gari gidan Shu'ibu direba. Mutane na cewa zuciyarta busasshiya ce kamar hajarta. Ba su san ta ba ne. Akwai mace guda da Fanna ke kishi da ita tun shekaru goma sha, ita ce Uwa, yayar mijinta.

Da aka yaye Umaima, 'yar farin Fanna, sai aka miƙa ta ga Uwa riƙo, saboda Allah bai ba Uwa haihuwa ba. Fanna ba ta hana ba, ai abin kunya ne uwa ta nuna son 'yar fari. Ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Yarinya ta tashi tana kiran Uwa da Mama, mahaifiyarta kuma Yaya Fanna, kamar wata maƙwabciya. Gidajen ba nisa, kullum Umaima tana biyowa idan an tashi daga makaranta. Fanna ta haifi wasu uku bayanta, amma wannan "Mama" bai taɓa daina sukar ta ba.

Umaima na shekara goma sha biyar ta fara wani sabon salo. A ajiye mata shinkafa da miyar kifi, sai ta ture kwanon ta ce, "Na ci a gidan Mama." Yau haka, gobe haka. Fanna ta cika ta yi fam. Wato girkin Uwa, wadda ko gishiri ba ta iya sa wa miya daidai ba, shi ne abinci, nata kuwa na banza ne. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta tsare yarinyar da faɗa, ta ce sai ta cinye kwanon nan tas, ko an hana ta cin na gidan ubanta ne. Umaima ta yi ta gutsuttsura kifin tana tura shi gefe, ta share man da ke hannunta kamar ta taɓa ƙazanta, sannan ta fashe da kuka ta fita. Ta ɗauke ƙafa daga gidan har sai da ubanta ya aika a kira ta.

Sai Umaima ta tsiri azumi. Litinin da Alhamis, daga baya har da ranakun da babu wanda ya san dalilinsu, ba sahur, buɗa-baki dabino da ruwa. Uwa ta riƙa yawo da labarin gidan suna da gidan biki, wai tarbiyyarta ce ta fito da 'ya mai ibada. Fanna na ji tana haɗiye takaici.

Wata ranar kasuwa Uwa ta tsaya a gaban kwandunan Fanna, ko gaisuwar kirki babu. Ta ce a daina ɗura wa 'yarta kifi, don kullum ta dawo sai ta ƙi tuwon dare, ta ce ta ci a gidan Yaya Fanna.

Abin da Fanna ta fara ji daɗi ne, ba za a ɓoye ba. Ashe Uwa ma tana ƙonewa. Kafin murmushin ya gama fitowa sai wata tambaya ta zo mata. In ba ta ci a can ba, ba ta ci a nan ba, to ina take ci? Ta bar Uwa ta tafi da fushinta, ba ta gaya mata komai ba.

Daga nan ta buɗe ido. Ta ga rigar sanyi a ƙarƙashin hijabin Umaima ana tsakar zafin bazara. Ta ga Umaima ta dafa wa ƙannenta taliya, ta tsaya a kansu sai sun cinye, ita ko ɗanɗanawa. Ta ga tana zagaye tsintsiyar hannunta da yatsu biyu tana aunawa, ta ga ta dafa bango idan ta miƙe. Ga saurin fushi, ga guje wa ƙawaye. Sannan ta tuna watanni ke nan ba ta ga yarinyar ta yi fashin salla ba.

Akwai wata nas, Amatullahi, da ke sayen kifi a wurinta. Fanna ta ja ta gefe ta ba ta labari, wai 'yar maƙwabta ce. Nas ta ce wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma ibada ba ce zalla, yana kama da ciwon da ke sa yaro tsoron abinci da ƙiba, kuma yana iya taɓa zuciya idan aka yi sake. Ta ce kada a yi maganar a gaban kwano, kada a ce ta rame ko ta yi kyau, kada a yi mata dole ko gori. A faɗi abin da ido ya gani, a nuna damuwa, a yi shiru a saurara. Ko ta musa, a bar ƙofa a buɗe. Amma a kai ta asibiti da wuri, kuma duk gidan da take cin abinci sai ya sani, in ba haka ba ciwon zai ci gaba da ɓuya.

Ranar Asabar da la'asar Fanna ta kira yarinyar ta ce za ta yi mata kitso, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zaɓi kitso ne don ba sai sun haɗa ido ba. Tana taje kan yarinyar, gashi na biyo matajin. Ta yi ta juya sunan a bakinta kafin ya fito.

"Umaima."

Wuyan yarinyar ya sandare.

"Na lura kina jin jiri, kina jin sanyi, cin abinci kuma ya zame miki wahala. Ba faɗa zan yi ba, wancan ma da na yi ban kyauta ba. Tsoro nake ji. Me ke damun ki?"

Umaima ta ce ba komai. Fanna ba ta ja ba, ta ci gaba da kitsonta. Sai da aka kusa gama gefe guda maganar ta fara fitowa a gutsure. Wai a makaranta aka ɗauki hotonta ana ta turawa a waya, ana ce mata buhun shinkafa. Ta fara rage ci don su ƙyale ta, yanzu kuma ko ta so ci sai ta ji kamar ta yi babban laifi. Ta kwantar da kai a gwiwar Fanna tana kuka.

"Don Allah kada ki gaya wa Mama. Mu biyu kawai."

Mu biyu kawai. Tun ranar yaye Fanna ke jiran abu guda na yarinyar nan da zai zama nata ita kaɗai, ga shi an ɗora mata a cinya. Ta so ta ce to, har ga Allah ta so. Amma a gidan Uwa ake tuwon dare, a can ake karin kumallo.

"Wannan ba zan iya yi miki alkawari ba," ta ce. "Amma ba zan faɗa a bayan idonki ba. Tare za mu je, kuma ba mai yi miki faɗa ina tsaye. Jibi sai asibiti."

Umaima ta yi fushi, daga baya ta ɗauko hijabinta. Suka tafi da rabin kitso. Uwa ta saurara baki buɗe, hawaye ya zubo mata, sai yarinyar ta ruga ta faɗa jikinta tana cewa Mama ki yafe mini. Fanna na tsaye a bakin ƙofa da mataji a hannu, kishin nan na nan daram, ko kaɗan bai ragu ba. Ta jira suka gama, sannan ta ce a ba ta tabarma ta ƙarasa wa Umaima kitsonta.