Tukunyar Gasarar A'i

Shekara goma sha ɗaya na yi ina suyar ƙosai kusa da A'i mai koko a tashar Dogon Dutsi, kaskona a dama, tukunyarta a hagu. Don haka in na ce na san ta, kar wani ya ja da ni. Ni ce Sa'a, kuma bakina ba ya da linzami, ita ma ta sha gaya mini haka.

Mutuniyar Dumega ce. Mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta taho birni da tabarma, da tukunyar gasara baƙa da ta gada wajen uwarta, da ɗan yayarta Inusa, maraya, yana ɗan shekara huɗu. Da kokon nan ta raine shi. Da shi ta sa shi lakwal, wato makarantar boko, lokacin da kowa ke ɓoye nasa ɗan a rumbu, har ya tafi Yamai ya dawo da farar riga, ya zama ma'aikaci a gidan likita. Ranar da ya fara aiki A'i ta raba koko kyauta, ni ko na ce mata, “To, uwar likita, mu ma a riƙa tuna mu da allura.”

Aikinta ba gaggawa. Ta jiƙa gero, ta niƙa da citta da kanumfari, ta tace, ta zuba a tukunyar, ta ƙara ɗan ruwan tsamin jiya, ta rufe da faifai ya kwana. Da asuba gasara ta kwanta, ruwa ya taso sama da 'yan kumfa, sai ta dama da tafasasshen ruwa. In koko ya ragu ya kwana, ba ta jin tsoronsa. Sai ta buɗe, ta sansana, ta ɗaga ludayi ta duba zubarsa. Tsami mai kaifi da ke tsinka yawu, wannan lafiya lau, a sake tafasa shi a sha. Amma in ya yi yauƙi yana jan zare, ko hunhuna ta fito a kansa, ko launi ya juya, ko wari ya bugi hanci, sai bola, ba ta ko ɗanɗanawa. Takan ce tsami mai gadi ne, abin da ya yi tsami da kyau ba ya saurin lalacewa. Wanda take tsoro shi ne abu mai zaƙi da aka dafa aka rufe da zafinsa. Inusa ya ji wannan magana ya fi sau ɗari, a gabana.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, cikin bazara, matar Inusa ta haihu. Ɗiyar Alhaji Gado ce, tsohon tafinta, wanda ya yi masa hanyar aikin. Ana gobe suna, a gidan Alhaji Gado, surukar Inusa, Hajiya Zalihatu, ta sa aka dama kunun gyaɗa da shinkafa tun la'asar, aka zuba madarar shanu da sukari, ba ko tsamiya. Aka juye shi da zafinsa cikin sababbin kwanonin sha masu murfi, aka jera a ɗakin kwano. Na manyan baƙi ne, ma'aikata, waɗanda sai sun tashi daga ofis za su zo. Mu talakawa kokon A'i muka sha da safe bayan an raɗa suna, kusan mutum ɗari, har da wanda ya kwana ta sake tafasawa.

Wajen azahar aka ce mu fito da kunun. A'i ta ɗaga murfi ɗaya ta tsaya. Ni ban ji wani wari sosai ba, ɗan gafi-gafi ne kawai. Ta tsoma ludayi ta ɗaga, kunun ya biyo shi yana jan zare kamar miyar kuɓewa. Ta mayar da murfin, ta aika a kira Inusa bayan ɗaki.

Ta ce, “Wannan kunu ya mutu, kar a ba kowa.”

Ya ce, “Inna, a ɗumama shi mana.”

“Wuta ba ta tada matacce. Ka fi ni sani, kai ka yi karatun.”

Ya leƙa tsakar gida inda surukarsa ke zaune cikin mata. Wa zai je ya ce wa suruka abin da ta dafa ya ruɓe, ranar sunan jikanta? Ya share gumi ya ce, “Inna, ki bar ni da kunyata. In Allah ya so ba komai.” Ya sa matan gidan suka ɗumama suka kai. Baƙin suka sha, wasu suka taɓa ragowar koko don a ce sun taɓa, suna yatsine fuska wai ya cika tsami.

Kafin la'asar ta yi sanyi labari ya zo. Mutum tara suna amai, har da sakataren kwamanda mai mulkin gari, da 'yar wani malamin lakwal da aka ɗauka ranga-ranga. Cikin mu ɗarin da muka sha koko kaɗai, ko mai ciwon kai babu.

Rana na shirin faɗuwa Inusa ya same mu muna haɗa kaya. Ya durƙusa har ƙasa a gaban A'i, abin da bai yi ba tun da ya sa farar riga. Ya ce, “Inna, ki rufa mini asiri. In aka ga kwanonin nan, aurena da aikina sun tafi.” Sai ta miƙe ta nufi inda kwanonin suke. Ta ɗauki biyu, na ɗauki biyu, muka haƙa rami bayan katanga muka juye ragowar kunun, muka rufe da ƙasa, muka wanke kwanonin da toka har suna ƙyalli. Da hannuna na taya ta, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in ciji hannun.

Washegari da hantsi muna tasha sai ga gardi biyu, 'yan sandan kwamanda, da babban likita, da Inusa a bayansa riƙe da littafi. Mutane suka taru. Babban likitan baƙo ne daga yamma, ba ya jin Hausa sosai, Inusa ke masa tafinta. An ce sun fara zuwa gidan Alhaji Gado, sun tarar da kwanoni fes. Yanzu sun sa an ɗauko tukunyar A'i daga gida.

Likita ya buɗe faifan, tsamin gasara ya doke shi, ya ja da baya. Ya dubi bangon tukunyar da ya yi baƙi da tsufa, ya tambayi Inusa wani abu da Faransanci. Inusa ya amsa masa, sa'an nan ya juya ya faɗa da Hausa don jama'a su ji, idonsa a kan littafin.

“Daga nan ciwon ya fito. Tana zuba ruɓaɓɓen ruwan jiya cikin na yau, tana sayar da abin da ya kwana. Na sha hana ta.”

Na sha hana ta! Yaron da ƙashinsa da namansa duk kokon kwana ne. Na miƙe da matsamin ƙosai a hannu, na buɗe baki zan tona ramin da ke bayan katanga, sai A'i ta damƙe mini zane ta ja ni ƙasa. Ta ce a hankali, “Sa'a, na riga na ce masa to.” Na ce yaushe, ai ba ki yi magana ba. Ta ce ɗaukar kwanon da ta yi, shi ne to ɗin.

Ta ɗebi kokon jiya cike da ƙwarya ta shanye a gabansu, ta ce a zauna a jira ta har magariba. Likita ya ce cikin tsohuwa ya saba da ƙazanta, wannan ba hujja ba ce. Inusa ne ya fassara mata wannan ma. Gardi ɗaya ya ɗaga tukunyar ya sake ta a kan dutse. Gasara ta malale cikin yashi, awaki suka zo suna lasa, kuma ba akuyar da ta yi ko tari. Aka hana ta sana'a a cikin gari.

'Yar malamin ta warke, sauran ma haka. Sunan A'i ne bai warke ba. Direbobin da ke kiranta Inna suka koma kewaye rumfarmu. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta miƙa musu ko ruwa. Wata ta ce ai dama wadda ba ta haihu ba, mai sa ido a kan haihuwar mutane, ba a cin abin hannunta, wannan kuwa na mare ta, aka kai ni gaban mai unguwa, ban yi nadama ba. Da damina ta faɗi A'i ta naɗe tabarmarta ta koma Dumega gidan ƙanenta, tana taya su noma. Duk wannan ban ga hawayenta ba. In na zagi Inusa sai ta ce, “Yaro ne, an ruɗe shi. Ƙila ma a ransa ya ɗauka kokon ne, kin san masu karatu da tsoron tsami.” Da wannan ƙilan take kwana take tashi.

Bayan shekara biyu na je gaishe ta, muna zaune gindin rumbu da rana tsaka, sai ga Inusa a kan keke. An turo su yin lamba, wato rigakafi, a ƙauyukan wajen, ya ce bari ya ratso. Ya yi ƙiba. Ya gaishe ta yana sunkuyar da kai, ta amsa, ta tambayi matarsa da yaron. Ni ya gaishe ni na ce ban ji ba.

Ta ga leɓensa ya bushe da ƙishi. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ta ce, “Ba ni da komai sai koko, kuma na jiya ne, ya kwana.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwaryar. Ya sa yatsa ya suɗe gefe kamar yadda yake yi yana yaro. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Inna, duk Dutsi ba mai irin wannan yanzu.” Ya ɗan zauna, ya yi sallama, ya hau kekensa.

Ta bi shi da kallo har ya shige cikin karan gero. Ƙwaryar na hannunta, tana juya ta. Can ta ce, “Sa'a, kin gani?”

Na ce na ga mi, ban da mara kunya?

Ta ce, “Bai ko sansana ba.”

Sai ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fasa tukunyar.