Ranar da Dabo ya yi wa jaki sanarwa

Dabo mutumin Unguwar Tudu ne, kuma shi ne shugaban masu jakunan Alhaji Mijinyawa, dillalin gyada a Gwarzo, a shekarun da nake malamin sikelinsa. Siriri ne, ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha.

Kowace Laraba bayan azahar masu jakuna sukan taru a bakin sikeli. A nan Dabo ke raba buhunan da motar Kano ta kawo ran Talata, ya kuma faɗa wa kowa ƙauyukan da zai ɗauko gyada a makon. Haka aka saba tun kafin a ɗauke ni aiki.

Wata kaka sai kamfanin da ke turo buhunan ya mayar da zuwan motar ran Lahadi. Alhaji ya ce ba zai bar buhuna su yi ta kwana a rumfa ba. A zaman Laraba na ƙarshe Dabo ya hau kan buhu ya ce, "Jama'a, Laraba ta ƙare. Daga Litinin mai zuwa zamanmu Litinin ne da hantsi, nan dai bakin sikeli. Ba na mako ɗaya ba ne, an mayar ke nan. Alhaji ya ce wanda bai zo wannan Litinin ba a ba wani ƙauyukansa, don masu nema suna da yawa."

Sai da ya maimaita. Har ya sa Asibi mai fura ta riƙa tuna wa duk wanda ya tsaya gunta.

Mutum ɗaya ne bai zo zaman Larabar ba: Jalo na Garo, mai ɗaukar gyadar Masanawa, wanda jakinsa ya yi targaɗe. Jalo kuwa ɗan farin Dabo ne. Dabo asalinsa Bafillace ne, bai taɓa kiran sunan ɗan ba, bai taɓa kallonsa ya yi masa magana ba. Tun yaye aka ba wa Gwaggo Altine, ƙanwar uban Dabo, ita ta raine shi har ya yi aure.

Masu jakuna kowa ya ce ai ubansa ne mai sanarwa, zai ji. Dabo kuma ya ɗauka abokan aikinsa za su kai masa labari. Sai ran Lahadi, muna sauke buhuna, ya tambayi Hammadu, abokin tafiyar Jalo, "Mutumin Garo ya ji?"

"Ni zan faɗa masa?" in ji Hammadu. "Wa ya haife shi, ni ko kai?"

Dabo ya kewaya motar, ya dawo, ya sake kewayawa. Ya roƙi Hammadu ya je, Hammadu ya ce suna yake da shi a gida. Ya dube ni, ya ga layin manoma a gaban sikeli. Ya cire hula, ya mayar. Can sai ya ce, "Malam, ara mini kekenka."

Abin da ya faru a Garo daga bakin Gwaggo Altine na ji shi. Ya same ta a ƙofar gida tana ɓarar gyada, Jalo kuma na gefe yana ɗinke mangala. Suka yi ta gaisuwa, ya gida, ya shanu, ya gajiya, har gaisuwar ta ƙare.

"Gwaggo, saƙo ne zan ba ki ki ba mutumin nan naki."

"Ni kurma ce yau," in ji ta. "Ga maigidana nan a zaune. Ka yi wa Gwarzo duka shela, nan ne bakinka zai mutu?"

Dabo ya dubi ƙasa, ya dubi rana. Sai ya taka zuwa turke, ya dafa wuyan jakin, ya ɗaga murya.

"Kai jaki, saurara. An tashi daga Laraba. Gobe Litinin da hantsi, bakin sikeli. Wanda bai zo ba, Masanawa ta zama ta wani."

Jalo bai ɗago kai ba. Ya ce, "Gwaggo, na wannan makon ne kawai, ko kuwa?"

"Tambayi jakinka."

"An mayar ke nan!" in ji Dabo, yana kallon kunnen jakin. "Kowace Litinin. Kuma mai ɗingishi ya tashi da asuba."

Gwaggo ta yi dariya har gyadar ta zube daga faifai.

Ran Litinin da na zo buɗe sikeli na tarar da Jalo a jingine da rumfa, jakinsa da tsumma ɗaure a ƙafa. Dabo ya iso, ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Da aka zo rabo ya jefa ƙunshin buhuna ta wajensa, idonsa na kan Hammadu, ya ce, "Masanawa, mutumin Garo."

Har aka daina cinikin gyada a wurin Alhaji zaman bai sake tashi daga Litinin ba. Masu jakuna kuwa, duk ranar da wani bai zo ba, sai su ce wa Dabo, "Shugaba, ka dai faɗa wa jakinsa?"